Aikin gwamnati ko na banki: ina zan kai nan da shekara goma?

Assalamu alaikum, Malam. Shekarata 29, ina da digiri a fannin akanta, ina zaune a Agege da matata da ɗanmu guda. Shekara uku ke nan ina aiki a wani banki a Victoria Island, amma wani kamfanin samar da ma'aikata ne ya ɗauke ni ya tura ni can, kuma har yau ana ce mana za a mayar da mu ma'aikatan dindindin. Yanzu na samu takardar aikin gwamnatin tarayya a mataki na 8, a ofishin wata ma'aikata nan Legas, sai dai albashin bai kai wanda nake karɓa ba. Mahaifina ya ce in karɓa saboda fansho, abokaina kuma sun ce a gwamnati mutum yana tsufa a kujera ɗaya. Ina so in san inda kowace hanya za ta kai ni nan da shekara goma. Ƙaninka daga Agege.

Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Bari mu fara da ɓangaren gwamnati, domin shi ne ake iya lissafawa da alƙalami da takarda tun kafin mutum ya sa ƙafa a ofis. Dokokin aikin gwamnatin tarayya sun yanka mafi ƙarancin shekarun da ma'aikaci zai yi a kan mataki kafin a duba shi don ƙarin girma: shekara biyu ga waɗanda ke mataki na 6 zuwa ƙasa, shekara uku daga mataki na 7 zuwa na 14, sannan shekara huɗu daga na 15 zuwa sama. Akwai abubuwa biyu da sababbin shiga ba su cika sani ba. Na farko, babu mataki na 11 a wannan tsani, daga na 10 sai na 12. Na biyu, ƙarin girma yana fara aiki ne daga ranar 1 ga Janairu, saboda haka wanda bai cika shekarunsa ba kafin wannan rana sai ya jira Janairun da ke biye.

Mu ɗora wannan a kanka. A ce ka kama aiki a watan Maris na 2026. Za ka yi shekara biyu a matsayin gwaji, a cikinsu ka rubuta jarrabawar tabbatar da aiki, kuma sai an tabbatar da kai ake maganar ƙarin girma. Shekararka uku za ta cika a Maris na 2029, amma tunda Janairun wannan shekara ya riga ya wuce, mataki na 9 zai zo maka a Janairun 2030. Daga nan sai na 10 a 2033, sai na 12 a 2036. Ke nan ranar da ka cika shekara goma, idan komai ya tafi daidai ba tare da tuntuɓe ko ɗaya ba, kana mataki na 12 da wata biyu, wato ƙarin girma uku cikin shekara goma. Ƙwazo, komai yawansa, ba ya rage waɗannan shekaru. Shekara ukun da ka yi a banki ma ba za su shiga lissafin ba, muddin takardarka mataki na 8 ta ce, domin agogon gwamnati yana fara bugawa ne ranar da ka kama aiki.

Ina so ka ɗan leƙa gaba da shekara goman da ka tambaya, saboda shekarunka. Idan aka ci gaba da wannan lissafi, mataki na 13 zai zo a 2039, na 14 a 2042, mataimakin darakta a mataki na 15 a 2045, na 16 a 2049, cikakken darakta a mataki na 17 kuma a 2053, lokacin kana da shekara 56. Ritaya tana zuwa ne idan mutum ya kai shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Rarar da kake da ita ke nan ba ta wuce shekara huɗu ba. Wanda ya shiga yana da 24 zai iya rasa zagaye biyu ko uku kuma ya kai ƙololuwa, kai kuwa kowace shekara da ka ƙara a waje, daga saman tsanin ake cire ta.

Abokanka ba su yi ƙarya gaba ɗaya ba, domin waɗannan shekaru mafi ƙaranci ne, kuma cika su yana ba ka damar zama jarrabawa ne kawai. Tsarin da aka daɗe ana bi shi ne maki 70 na jarrabawa, maki 20 na rahoton aikin shekara-shekara, maki 10 na daɗewa a kan mataki, kuma ana neman aƙalla 60 cikin 100. Rahoton nan shi ne fom ɗin da aka sani da APER, wanda yanzu ake maye gurbinsa da sabon tsarin auna aiki na PMS, amma ma'anar ɗaya ce: shugabanka ya rubuta a takarda yadda ka yi aiki, takardar kuma ta isa fayil ɗinka. Jarrabawar tana taɓa dokokin aikin gwamnati, da ƙa'idojin kashe kuɗin gwamnati, da fanninka na akanta, da al'amuran yau da kullum. Bayan duk wannan akwai sharaɗin gurbi. Mutum yana iya cin jarrabawa a ce babu kujera a matakin da ke sama, sai ya sake zama a shekara mai zuwa. A matakai na 9 da 10 wannan bai cika tsanani ba, cunkoson yana farawa ne idan aka doshi matakan darakta, inda kujeru suke ƙidayayyu. Saboda haka a shekara goman farko, abin da ya fi tsayar da mutane shi ne sakacin takarda.

A nan zan daɗe kaɗan, domin zama a Legas yana da nasa haɗari. Tun da aka mayar da fadar gwamnati Abuja a Disambar 1991, ofisoshin ma'aikatu da ke nan suka koma rassa, fayil ɗinka na ainihi kuma da kwamitin da ke duba ƙarin girman manyan ma'aikata duk suna hedikwata. Lokacin da nake sashen kula da ma'aikata a wani ofishi irin wanda za ka shiga, akwai wani bawan Allah, akanta ne mai tsabtar aiki, wanda ya cika shekarunsa uku a mataki na 9. Aka aiko da jerin sunayen waɗanda za su zauna jarrabawa, aka manna a allon da ke bakin matakala, ya bi sunayen da yatsa har sau biyu, nasa babu. Da aka bincika, sai aka tarar rahoton shekararsa ta biyu yana cikin durowar shugaban sashensa, an cike shi tsaf amma ba a sa hannu ba, shugaban kuma an yi masa canjin wurin aiki wata takwas da suka wuce. Kafin a samo sa hannun a aika, an rufe karɓa. Shekara guda ta tafi, kuma ba ta dawowa, domin duk ƙarin girman da ya biyo baya ya ja baya da shekara guda, abokan shigarsa kuma suka zama na gaba da shi har ya yi ritaya. Har yau ina jin nauyin wannan, domin da na duba fayil ɗinsa tun watan Yuni da an gyara.

Darasin a aikace shi ne ka ajiye naka fayil a gida. Ka riƙe kwafin takardar ɗaukar aiki, da ta kama aiki, da ta tabbatarwa, da rahoton kowace shekara bayan an sa hannu, da takardar da aka rako su da ita zuwa hedikwata. Ka san mutum ɗaya a sashen ma'aikata na Abuja wanda za ka iya kira ka tambaya ko sunanka yana cikin jerin ma'aikata da kwanan wata daidai. Ka kuma guji takardar tuhuma, domin wanda ke da maganar ladabtarwa a kansa ba a duba shi sai an kammala. Ko da ƙarin girman ya fito, kuɗinsa yakan makara, wani lokaci fiye da shekara, kafin a gyara albashi a biya ariyas, don haka kada ka ɗauki alkawarin kuɗin haya ko na makaranta a kan takardar da ba ta shiga albashi ba tukuna.

Yanzu mu koma banki. Tsanin da aka saba gani a bankunan ƙasar nan yana farawa da ɗan koyo, sai mataimakin jami'i, sai jami'i, sai babban jami'i, sannan matakai biyu na mataimakan manaja, kafin cikakken manaja. Babu dokar ƙasa da ta ce a yi shekara kaza a kan kowanne. Abin da ke motsa mutum shi ne sakamakon awon aikinsa na shekara, da yawan kuɗin ajiya ko cinikin da ya kawo idan yana ɓangaren kasuwanci, da ribar da bankin ya samu, da kuma shugaban da zai tsaya masa a ɗakin da ake yanke shawara. Mai ƙwazo da ya dace da shugaba nagari yana iya taka mataki duk shekara biyu, ya kai mataimakin manaja kafin shekara goma, da albashin da ma'aikacin mataki na 12 ba zai gani ba. Wani kuma, wanda suka shiga rana ɗaya, yana iya shekara biyar a kan mataki guda, ba shi da wata doka da zai kafa hujja da ita, domin ƙarin girma a kamfani ba haƙƙi ba ne da ake bin bashinsa. Yawancin waɗanda na ga sun yi tsalle mai nisa, ta hanyar sauya wurin aiki suka yi shi: wani banki ko kamfani ya ɗauke su a mataki na gaba, su yi shekara biyu ko uku, su sake tashi. Wannan hanya tana biya, amma tana neman takardar ƙwarewa a hannu da zuciyar da za ta iya jure fara sabon wuri kowane lokaci.

Tana kuma da ramin da babu irinsa a gwamnati. Kamfani yana iya sallamar mutum da sanarwar wata guda ko abin da kwantiraginsa ya tanada, kuma wanda ya kai tsakiyar tsani, albashinsa ya yi nauyi, shi ake fara kallo idan za a rage kashe kuɗi. Lokacin da Babban Bankin Najeriya ya ɗaga jarin bankuna zuwa naira biliyan 25, bankuna 89 suka koma 25 a ƙarshen 2005, kuma duk inda banki biyu suka haɗe, manajan reshe ɗaya ake buƙata a titin da a da ake da biyu. Ma'aikacin gwamnati da aka tabbatar kuwa, sai an ba shi takardar tuhuma, ya kare kansa, kwamiti ya zauna, hukumar kula da ma'aikata ta amince, kafin a raba shi da aikinsa.

Amma ɗan'uwa, duk wannan bayani na tsanin banki na ma'aikatan dindindin ne, kai kuwa ba ka hau shi ba tukuna. Ka ɗauko takardar da aka ɗauke ka aiki da ita ka duba sunan da ke samanta da wanda ya sa hannu. Sunan kamfanin da ya turo ka ne, kuma a littafin bankin kai hidima ce da ake saya, ba ka cikin jerin waɗanda ake dubawa idan lokacin ƙarin girma ya zo. Shi ya sa shekara uku suka wuce kana fita Agege kafin a kira assalatu, kana tsallaka gadar Third Mainland da duhu, kana rufe lissafin rana tare da kowa, amma sunan muƙaminka bai canza ba. Idan ma aka mayar da kai na dindindin gobe, galibi daga matakin ɗan koyo ko wanda ke bi masa za ka fara, kamar yadda za ka fara daga mataki na 8 a gwamnati. Kuma bankuna da yawa suna sa iyakar shekarun haihuwa ga masu shiga wannan mataki, wadda takan tsaya ƙasa da talatin. Wannan shi ne abin da ya fi damuna a wasiƙarka. Alkawarin da aka yi maka yana tsufa tare da kai, kuma akwai ranar da za a ce shekarunka sun wuce ba tare da kowa ya karya wata doka ba.

Akwai hanyar gane ko alkawarin na gaske ne, kuma ba ta wuce mako guda ba. Ka je sashen ma'aikata na bankin ka yi tambaya uku cikin ladabi: yaushe aka yi jarrabawar mayar da 'yan kwantiragi ta ƙarshe, mene ne iyakar shekaru da matakin digirin da ake nema, kuma yaushe za a yi ta gaba. Sannan ka ƙirga da kanka, cikin waɗanda kuka shigo tare ko suka riga ka, mutum nawa ka sani da sunansu da aka mayar. Idan aka ba ka rana da sharuɗɗa a rubuce, ka cika su, ranar kuma tana kusa, to kana da zaɓi biyu na gaske, kuma ga matashi mai son gudu da ke gab da kammala jarrabawar ƙungiyar ƙwararrun akantoci ta ICAN, ba zan hana shi zama ba. Idan kuwa amsar ita ce a ƙara haƙuri ana kan duba lamarin, to abin da kake aunawa shi ne mataki na 12 a 2036 a hannu ɗaya, da kujerar da kake kai yau a ɗaya hannun. A kan abin da ka rubuto mini, shawarata ita ce ka karɓi aikin gwamnati, domin ƙwai a baka ya fi kaza a akurki.

Sai dai ina so ka karɓa da dalilin da ya dace, kuma a nan zan ɗan gyara maganar Baba cikin girmamawa. Fanshon da ya sani, wanda gwamnati ke biya daga aljihunta gwargwadon albashin ƙarshe, an sauya shi ga sababbin ma'aikata tun dokar 2004. A ƙarƙashin dokar 2014 da ake bi yanzu, ma'aikaci yana zuba kashi 8 cikin 100, mai ba shi aiki ya zuba kashi 10, a asusun da ke ɗauke da sunan ma'aikacin, kuma wannan tsari ɗaya ne a gwamnatin tarayya da kamfanoni. Asusun da kake da shi yanzu shi za ka tafi da shi, lambarsa kawai za ka miƙa. Ka ma nemi bayanin asusun ka tabbatar kamfanin da ya ɗauke ka yana zuba kuɗin duk wata, domin a irin aikinku ana samun giɓi. Abin da gwamnati ta fi kamfani da shi a wajenka shi ne tabbacin zama da tsanin da aka san kwanakinsa, ka faɗa wa Baba haka, zai fahimta.

Ragin albashin kuma gaskiya ne, kuma zai ciji gida, musamman a garin da kuɗin haya da na mota ba sa jiran kowa. A gwamnati akwai ɗan ƙarin shekara-shekara a cikin mataki, amma kaɗan ne, babban gyara yana zuwa ne idan an sake mafi ƙarancin albashi, kamar yadda aka yi a 2019 zuwa naira 30,000 sannan a 2024 zuwa naira 70,000. Tsakanin waɗannan biyu shekara biyar ne, a cikinsu aka cire tallafin man fetur, hauhawar farashi kuma ta haura kashi 30 cikin 100 a 2024. Ma'aikaci yana iya hawa mataki a takarda alhali cefanensa yana raguwa. Kada kuma ka gina lissafinka a kan buɗe shago a Mile 12 ka riƙa gudanar da shi da kanka, domin kundin tsarin mulki ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci tafiyar da kasuwanci, noma kaɗai aka ware. Ku zauna da maiɗakinka ku rubuta abin da ke fita duk wata, ku ga ko sabon albashin zai ɗauka har zuwa 2030, ku kuma sa a rai cewa ana iya yi maka canjin wurin aiki zuwa Abuja ko wata jiha a kowane lokaci.

Abin da zai sa waɗannan shekaru su yi maka amfani fiye da jiran Janairu shi ne lokacin da za ka samu. Ofishin gwamnati yana tashi da la'asar, abin da banki bai taɓa ba ka ba. Ka yi amfani da shi ka kammala jarrabawar ICAN ko ta takwararta ANAN a cikin shekara ukun farko, ka nemi izinin karatun a rubuce kafin ka fara, domin takardar da aka samo ba da izini ba takan sha wahalar shiga fayil. Da ita a hannu za ka iya neman a daidaita matsayinka a cikin gida, kuma ita ce za ta bar maka ƙofar kamfanoni a buɗe. Akanta mai takardar ƙwarewa da ya san yadda ake biyan kuɗi da sayen kaya a gwamnati yana da kasuwa a Legas idan wata rana ya so fita, alhali wanda ya bar wannan takarda ta gwamnati ta wuce shi, samun wata yana ɗan shekara 35 ba abu ne mai sauƙi ba.

Kafin ka rubuta takardar ajiye aiki, ka tabbatar da ingancin wadda ke hannunka. Takardun ɗaukar aiki na bogi sun yi yawa, kuma akwai waɗanda suka yi watanni suna zuwa ofis kafin a gano. Idan wani ya karɓi kuɗi a hannunka ko a hannun Baba don ta fito, ka ɗauke ta a matsayin abin zargi. Ga ma'aikatu, Hukumar Kula da Ma'aikatan Tarayya da ke Abuja ce ke ɗaukar ma'aikata a mataki irin naka, don haka ka je da kanka ko ka sa amintacce ya duba cewa sunanka yana cikin jerinsu. Ka kammala tantance takardu, ka karɓi takardar turawa wurin aiki, ka tambayi ranar da za a shigar da kai tsarin biyan albashi na IPPIS, domin albashin farko yakan ɗauki watanni kafin ya fara zuwa, kuma kana buƙatar ajiyar da za ta riƙe gida a wannan tsakani. Bayan nan ne za ka ba kamfaninka sanarwar da kwantiraginka ya tanada, ka miƙa aikin hannunka cikin mutunci, ka karɓi takardar shaidar shekara ukun da ka yi. Allah ya yi maka zaɓin alheri, a gaida Baba da iyali.